Jaka, Takalmi ko Hula: Wanne Za a Fara Gyarawa?

Duk wanda ya ɗora haja a kasuwar intanet ya san wannan shafin da ke cike da lambobi, wanda ake buɗewa a rufe ba tare da an fahimci komai ba. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu ba sa leƙa shi sai ranar da ciniki ya tsaya, kuma idan sun leƙa, abu ɗaya suke yi: su rage farashi, ko su biya kuɗin talla. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuma kuɗin ya tafi a banza, domin ciwon yana wani wuri daban da inda aka shafa magani. Amfanin lambobin nan shi ne su nuna inda ciwon yake, sannan su nuna wane gyara ne zai fi dawo da kuɗi idan aka fara da shi.

Lambobi uku ne ginshiƙi. Ta farko ita ce yawan lokutan da aka nuna hajarka a jerin kaya, ko a sakamakon bincike, ko a talla. A allo za ka ga an rubuta Impressions. Ta biyu ita ce kason waɗanda suka danna suka shiga shafin hajar daga cikin waɗanda aka nuna wa, kuma yawanci ana rubuta ta CTR. Ta uku ita ce kason waɗanda suka saya daga cikin waɗanda suka shiga, wato abin da allo ke kira Conversion rate. Mai shago a Kantin Kwari ya san su tun kafin zuwan waya: akwai masu wucewa ta layinsa, akwai masu tsayawa su taɓa atamfa, akwai masu zaro kuɗi. Idan layin ba mutane, matsala ɗaya ce. Idan ana wucewa ba a tsayawa, wata ce daban. Idan kuma ana tsayawa a taya a tafi, wannan ta uku ce, kuma kowace da maganinta.

Lissafin ba shi da wuya. A raba yawan dannawa da yawan nunawa, a ninka da ɗari, an sami lamba ta biyu. A raba yawan oda da yawan dannawa, a ninka da ɗari, an sami ta uku. Abin da ya kamata a riƙe shi ne lambobin ukun ninka juna suke yi. Cinikin wata shi ne nunawa, sau kason dannawa, sau kason saye. Saboda haka idan ɗaya ta ninka biyu, sauran suka tsaya yadda suke, ciniki ya ninka biyu. Idan kuma ɗaya ta kusa zama sifili, duk girman sauran biyun ba zai cece ta ba.

Shagon Hajiya, kwana 28

A ɗauka akwai wata mai sayar da kayan fata a Kano, mu kira ta Hajiya, tana da kaya da dama a wata kasuwar intanet. Misali ne, kuma lambobin na misali ne, amma irinsu ne mai shago ke gani kullum. Ta duba kayanta na kwana 28 da suka wuce, wato mako huɗu cif, don kada a sami Juma'a ko Lahadi ta fi yawa a wani lissafin. A shagonta gaba ɗaya, cikin mutum 100 da aka nuna wa kaya, kusan 3 ne ke dannawa, kuma cikin 100 da suka shiga, kusan 4 ne ke saye. Kaya uku ne ke damunta.

Takalmin fata an nuna shi sau 20,000, an danna sau 200, an yi oda 10. Ke nan kason dannawarsa 1 ne cikin 100, ƙasa sosai da abin da shagon ya saba, amma kason sayensa 5 ne cikin 100, ya ma ɗara na sauran. Jakar hannu an nuna ta sau 8,000, an danna sau 320, an yi oda 2 kacal. Dannawa 4 cikin 100, madalla, amma saye bai kai ko 1 cikin 100 ba. Hula kuwa sau 600 aka nuna ta, aka danna sau 24, aka sayi guda.

Abu na farko da za a lura da shi shi ne ma'aunin da aka gwada su da shi. Ba a tambayi wani masani ba cewa nawa ne kason dannawa mai kyau, domin ba shi da amsa ɗaya. Kayan naira dubu biyu da kayan naira dubu ɗari biyu ba sa tafiya daidai, haka wanda ya rubuta sunan abin da yake nema da wanda talla ta faɗo masa yana kallon bidiyo ba niyyarsu ɗaya ba. Ma'aunin da ya fi aminci shi ne kayanka masu kama da juna, a kasuwa ɗaya, a lokaci ɗaya. Da wannan ma'aunin, kowace haja cikin ukun ta nuna inda take yoyo. Takalmi ana ganinsa ba a dannawa. Jaka ana dannawa ba a saye. Hula ba a ma ganinta.

To wanne za a fara? Zuciya za ta ce hula, tunda ita ce guda ɗaya tak aka saya, ko kuma takalmi, tunda shi ne mai manyan lambobi. A ganina bai kamata a bar wa zuciya wannan hukuncin ba, tunda ana iya mayar da kowane gyara zuwa naira. Ribar Hajiya a kan takalmi naira 3,000 ce, a kan jaka 6,000, a kan hula 2,000.

Idan ta gyara hoton takalmi, dannawa ta tashi daga 1 zuwa 2 cikin 100, mutum 400 za su shiga maimakon 200. Sai dai bai kamata ta ɗauka sababbin za su yi saye kamar na farkon ba, domin waɗanda suka danna duk da hoto mara kyau su ne masu tsananin buƙata. A ce saye ya sauko zuwa 4 cikin 100. Oda 16 ke nan maimakon 10, ƙarin guda 6, ribar naira 18,000 a wata. Idan kuma ta gyara jaka har oda ta tashi daga 2 zuwa 8, wanda bai ma kai abin da shagon ya saba ba idan aka duba mutum 320, ƙarin guda 6 ne shi ma, amma ribarsa naira 36,000 ce. Hula fa? Ko da ta ninka yawan nuna ta, abin da za ta sa rai shi ne ƙarin hula ɗaya, naira 2,000, ƙila ma kuɗin tallar ya cinye. Jaka ce a gaba, takalmi na biye, hula ta jira.

Akwai dalili na biyu da ya sa ake fifita gyaran saye a kan neman ƙarin masu kallo. A yawancin tallace-tallacen kasuwannin nan, ko dai kana biya a kan kowace dannawa, ko a kan yawan nunawa. Da Hajiya ta zuba kuɗin talla a kan jakar yadda take, da sai ta biya kuɗin mutum 160 kafin ɗaya ya saya. Bayan haka, kasuwannin kansu suna son kayan da ke fita, tunda daga nan suke samun nasu kason. Etsy, alal misali, ta bayyana wa masu sayarwa cewa yadda mutane ke danna haja da yadda suke sayenta yana cikin abubuwan da ke shafar matsayinta a sakamakon bincike. Hajar da aka gyara sayenta takan jawo wa kanta ƙarin nunawa, amma ƙarin nunawa ba ya gyara saye.

Me ya sami jakar?

Lamba ta nuna wurin da za a tono, amma ba ta faɗi dalili ba. Dalili sai an buɗe shafin hajar a waya, irin wayar da kwastoma ke riƙewa, an bi hanyar da yake bi tun daga bincike har wajen biyan kuɗi. Mai shago da yawa bai taɓa yin haka ba, shafin masu sayarwa kaɗai ya sani.

Idan kasuwar tana nuna yawan waɗanda suka saka haja a kwando kafin biya, wannan lambar tana raba matsalar gida biyu. A ce cikin mutum 320 ɗin nan, 40 sun saka jakar a kwando amma 2 ne suka biya. To shafin ya gamsar da su, abin da ya kore su yana can gaba: kuɗin kai kaya da ya bayyana a ƙarshe, ko kwanakin jira da suka yi yawa, ko hanyar biya da ba su aminta da ita ba. Mai saye a Legas da ya ga kuɗin kawo jaka daga Kano ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin jakar, zai ajiye ta ya tafi. Idan kuwa mutum 9 ne kawai suka saka a kwando, to tun a shafin aka rabu, kuma can za a duba.

A ce na biyun ne ya faru. Hajiya ta buɗe ta ga abin da ya daɗe a gabanta. Ta haɗa jaka babba da ƙaramar jakar kuɗi a shafi ɗaya, mai saye ya zaɓi wadda yake so. A jerin kaya, hoton babbar jaka ne ke fitowa, amma farashin da ke ƙarƙashinsa na ƙaramar ne, naira 9,000. Mutum ya ga babbar jakar fata a wannan kuɗin ya danna da sauri, ya shiga ya tarar ashe naira 28,000 ce, ya fita. Yawan dannawar da take alfahari da shi, shi ne alamar ciwon. Wannan yana cikin abubuwan da suka fi yaudarar masu sayarwa: dannawa mai yawa tare da saye kaɗan sau da yawa tana nufin abin da aka gani a waje ya yi alkawarin da cikin shafin bai cika ba. Ko farashi ne, ko launin da hoto ya ƙawata, ko sunan da aka cusa wa kalmomin da ba na hajar ba don a fito a kowane bincike.

Gyaran shi ne a raba su, kowace jaka da shafinta da hotonta da farashinta. Kuma ya kamata Hajiya ta shirya ganin wata lamba ta faɗi. Da farashin gaskiya ya bayyana a waje, dannawa za ta iya saukowa daga 4 zuwa 2.5 cikin 100, wato mutum 200 maimakon 320. Idan 4 cikin 100 na waɗannan suka saya, oda 8 ke nan. Wanda ke kallon dannawa kaɗai zai ce gyaran ya ɓata abu, ya mayar da shafin yadda yake. Shi ya sa yana da kyau a riƙa haɗa lambobin biyu a lamba ɗaya: oda nawa ake samu a kowace nunawa 1,000. Jakar ta tashi daga rubu'in oda zuwa oda ɗaya cikakkiya, ninki huɗu.

Ba kullum dalilin ke fitowa fili haka ba. Idan bai fito ba, saƙonnin kwastomomi ne mafi kyawun shaida. Idan mutum biyar sun tambaya ko fatar gaske ce, ko kwamfuta za ta shiga ciki, to akwai wasu da yawa da suka yi wannan tambayar a zuci suka wuce ba su rubuta ba. Amsar ta koma cikin bayanin hajar da hotunanta: tsawo da faɗi da santimita, hoton cikin jakar, hoton ɗinkin daga kusa, hoton mutum riƙe da ita don a ga girmanta. Sai kuma a karanta sharhin waɗanda suka saya a baya, musamman na ƙarshe, domin sharhi ɗaya mai zafi a saman shafi yana iya tsayar da ciniki.

Takalmi da hula

Matsalar takalmi ta fi sauƙin kewayewa, domin kafin mutum ya danna abubuwa kaɗan yake gani: hoton farko, kalmomin farko na suna, farashi, da taurarin sharhi. Duk wani dogon bayani da ke ciki ba shi da hannu a wannan lambar, gyara shi ɓata lokaci ne. Hajiya ta rubuta abin da mai saye zai rubuta, ta kalli takalminta a tsakiyar na abokan gasa a ƙaramin allo. Takalmi baƙi a kan tabarma mai duhu, an ɗauka da dare, zai nutse a cikin hotuna masu farin bango. Sai dai kafin ta ɗora wa hoto laifi, ta duba abu biyu. Na ɗaya matsayi, domin hajar da ke fitowa can ƙasan jeri ba ta samun dannawa kamar ta sama ko da hotonta ya fi kyau. Na biyu kalmomin da ake nuna ta a kansu, idan kasuwar na bayar da su. Idan takalmin maza na fitowa ga masu neman takalmin amarya, hoton ba shi da laifi, rukunin da aka saka shi ko sunan da aka ba shi ne ya kauce.

Hula kuwa, tambayar farko ita ce ko ana nemanta a wannan kasuwar. Idan ana nema, a duba ko an saka ta a rukunin da ya dace, ko an cike gurbin launi da girma waɗanda masu saye ke tacewa da su, ko sunan ya ƙunshi kalmar da mutane ke rubutawa. Mai neman Zanna Bukar ko damanga da sunanta zai nema, kuma wanda ya rubuta wa hularsa suna na gama-gari ba zai fito masa ba. Idan kuma masu nema ne kaɗan, babu gyaran da zai ƙirƙiro su.

Lambar da ba ta isa shaida ba

Kuskuren da na fi gani shi ne yanke hukunci a kan mutane kaɗan. A ce haja lafiyarta ƙalau, kason sayenta na gaskiya 2 ne cikin 100. Idan mutum 50 suka shiga, yiwuwar a ce babu ko ɗaya da ya saya ta ɗan haura ɗaya cikin uku. Lissafi ne tsagwaronsa, ba laifin hoto ko farashi ba. Sai an kai wajen dannawa 150 ba ciniki kafin wannan yiwuwar ta sauko zuwa kusan 5 cikin 100, a nan ne za a fara zargin shafin da hujja. Saboda haka hular Hajiya, mai dannawa 24 da oda ɗaya, ba ta faɗi komai game da sayenta ba. Da wannan mutum ɗayan bai saya ba, da kason ya zama sifili, da biyu ne suka saya, da ya haura 8 cikin 100, alhali hular ba ta canja ba. Jaka kuma daban ce. Mutum 320 a shagon da 4 cikin 100 ke saye ya kamata su ba da oda wajen 13, samun 2 ya wuce a kira shi rashin sa'a.

Haka nan lokaci. Makonni biyu kafin Sallah ba a gwada su da makonni biyu bayanta, domin takalmi da hula za su fita a na farko ko da hoton ya fi kowane muni. Ƙarshen wata, lokacin albashi, ba ɗaya yake da tsakiyar wata ba. Hanya mai sauƙi ta kauce wa wannan ita ce a bar wasu kaya masu kama ba a taɓa su ba. Idan wadda aka gyara ta tashi, waɗanda ba a taɓa ba su ma suka tashi daidai da ita, to kasuwa ce ta motsa. Kuma a canja abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta ranar a littafi. Wanda ya canja hoto da suna da farashi a rana ɗaya, idan ciniki ya ƙaru, ba zai san ko rage farashin ma ya zama dole ba, ƙila yana asarar ribar da hoto kaɗai zai iya kawo masa.

A kuma karanta yadda kowace kasuwa ke ƙirga lambarta, domin suna ɗaya na iya ɗaukar ma'ana biyu. Etsy tana raba oda da yawan ziyara. Amazon kuma a rahotonta tana da Unit Session Percentage, wadda ke raba yawan guda-gudan da aka saya da yawan ziyara, don haka dillali ɗaya da ya kwashi guda ashirin zai ɗaga lambar sama kamar mutum ashirin ne suka gamsu. A shafin tallar Facebook da Instagram akwai CTR (all), wadda ke haɗa har da danna hoto don a ƙara girmansa da danna alamar so, akwai kuma CTR (link click-through rate), wadda ta tsaya ga waɗanda suka bi mahaɗin. Ta farkon takan fi girma da daɗin kallo, ta biyun ce ta fi kusa da ciniki. A can kuma Impressions ba yawan mutane ba ne, Reach ne yawan mutane. Idan nunawa 20,000 ta tafi ga mutum 2,000, kowa ya ga tallar kusan sau goma, kuma faɗuwar dannawa na iya zama gajiya ce kawai da hoto ɗaya.

Inda ciniki ke ƙarewa a waya

A Najeriya akwai wani gibi da dole mai shago ya cike da hannunsa. Kasuwanni irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, a cikinsu ake yin oda, don haka suna iya ƙirga ta. Amma a dandali irin Jiji, ko tallar da ke kai mutum WhatsApp, ciniki a waya yake ƙarewa, dandalin bai san ko an sallama ko an ce albarka ba. Iyakar abin da zai iya gani shi ne an nemi lambarka ko an turo saƙo. Daga nan sai littafi: kowace rana a rubuta mutum nawa suka yi magana a kan wace haja, nawa suka biya, kuma waɗanda suka fasa a wace tambaya suka tsaya. Bayan wata guda za a ga ko yawancinsu a kan farashi suke ɓacewa, ko a kan kuɗin mota, ko kuma saboda sun yi sallama da safe ba a amsa ba sai bayan Isha'i, lokacin da sun riga sun saya a wurin wani.

Ko a inda ake ƙirga oda, oda ba kuɗi ba ce idan sai kaya sun isa ake biya. A ce jakar Hajiya ta kai oda 8, amma 3 aka ƙi karɓa a ƙofar gida aka dawo da su. Cinikinta 5 ne, ga kuma kuɗin kaiwa da dawowa da ƙila ya hau kanta. Don haka a littafinta ta ƙara layi na huɗu bayan nunawa da dannawa da oda, na kayan da aka karɓa aka biya, kuma da wannan layin za ta ninka ribar kowace haja idan ta zauna lissafin wata mai zuwa. Idan dawowar ta taru a kan haja ɗaya, ta tambayi masu dawowar dalili, ta kwatanta abin da suka faɗa da hoton farko da kuma girman da ta rubuta a shafin.